Jadawalin Punnett: tambayoyi da amsoshi kan lissafin gadon siffa ɗaya

Mene ne jadawalin Punnett, kuma me yake nunawa?

Zane ne mai gidaje huɗu da ake amfani da shi wajen lissafa irin haɗin ƙwayoyin gado da ɗa zai iya samu daga iyayensa biyu. Sunan ya fito ne daga Reginald Punnett, masanin ilimin gado na jami'ar Cambridge a Ingila, wanda ya fito da wannan hanyar zane a farkon ƙarni na 20. Amma ƙa'idar da zanen yake tafiya a kanta ta girme shi. Gregor Mendel ne ya gano ta, wani malamin addinin Kirista da ya yi gwaje-gwajensa a lambun gidan ibadarsu da ke Brno, a ƙasar Czech ta yanzu, daga 1856 zuwa 1863. Ya yi aiki da waken fis, wato koren waken nan na Turai, ya wallafa sakamakonsa a 1866, kuma ba a waiwayi aikin da kyau ba sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa.

Ƙa'idar ita ce: kowane mutum, dabba ko tsiro irin waken fis yana ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ya zo haihuwa, ba ya miƙa biyun duka. Ƙwan mace ko maniyyin namiji kwafi ɗaya tak yake ɗauka, kuma ko wanne daga cikin biyun yana da damar rabi da rabi. Jadawalin ba ya yin wani abu da ya wuce jera waɗannan damarmaki a haɗa su. Kowane gida a cikinsa yana nufin dama ɗaya cikin huɗu.

Ta yaya ake zana shi daga farko har ƙarshe?

Mu ɗauki siffar ƙwayar wake da Mendel ya fara da ita: wata sumul ce a mulmule, wata kuma a yamushe. Nau'in da ke sa mulmulewa shi ne mai rinjaye, ana rubuta shi da babban harafi R. Wanda ke sa yamushewa mai ɓuya ne, ana rubuta shi da ƙaramin r. Ma'anar rinjaye ita ce kwafi ɗaya na R ya isa ya sa ƙwayar ta fito a mulmule, ko da abokin zamansa r ne.

Mendel ya fara da tsatso biyu tsarkakakku, RR da rr. Tsiron RR ba shi da abin bayarwa sai R, tsiron rr kuma sai r, don haka duk 'ya'yan zuriyar farko Rr ne, dukkansu a mulmule. Yamushewa ta ɓace wa ido, amma tana nan. Da ya bar waɗannan Rr suka yi barbara da kansu sai abin ya fito fili. A rubuta abin da uwa za ta iya bayarwa a sama, na uba a gefe, a cika kowane gida da harafin samansa da na gefensa:

```
      R     r
R    RR    Rr
r    Rr    rr
```

Yanzu sai a ƙirga sau biyu, domin tambayoyi biyu ne daban. In ana tambayar jinotayif, wato haruffan da ke ɓoye, amsar ita ce RR ɗaya, Rr biyu, rr ɗaya, 1:2:1. In kuwa ana tambayar abin da ido zai gani, gidaje uku suna da R aƙalla ɗaya, to uku a mulmule, ɗaya a yamushe, 3:1. Ɗalibi da yawa yakan zana jadawalin daidai ya faɗi a nan, ya ba da 3:1 alhali jinotayif aka tambaye shi.

Shin Mendel ya sami 3:1 cif?

Bai samu ba, kuma ba wanda zai samu sai da sa'a. Daga tsirrai 253 ya tara ƙwaya 7,324. A ciki 5,474 mulmulallu ne, 1,850 yamusassu. In ka raba 5,474 da 1,850 za ka sami 2.96. A launin ƙwaya ya ƙirga rawaya 6,022 da kore 2,001, wato 3.01. A tsawon kara ya sami dogaye 787 da gajeru 277, wato 2.84, kuma a nan samfurin ya fi ƙanƙanta.

Abin da na fi so mai koyo ya riƙe yana cikin ƙananan alƙaluman da Mendel ya rubuta game da tsirrai ɗaiɗai. Wani tsiro guda ya ba shi mulmulallu 43 da yamusassu 2 kacal. Wani kuma ya ba da mulmulallu 14 da yamusassu 15. Dukansu Rr ne, jadawalinsu ɗaya ne. Wanda ya dubi ɗayansu shi kaɗai zai rantse ƙa'idar ƙarya ce. Sai da aka zuba na tsirrai ɗaruruwa wuri ɗaya 3:1 ya bayyana. Jadawali yana faɗin damar kowace ƙwaya ce, ba ya yi wa kowane kwanso rabo.

Me ya sa wani nau'i yake rinjayar wani? Ya fi shi ƙarfi ne, ko ya fi yawa?

Ko ɗaya. A wake, R yana ɗauke da umarnin ƙera wani sinadari da ke gina sitaci mai rassa a cikin ƙwaya. Shi kuwa r kwafi ne da ya lalace, ba ya ƙera sinadarin mai aiki. Ƙwayar rr tana tara sukari da yawa, ta sha ruwa ta kumbura tun tana ɗanya, in ta bushe sai ta yamushe. Ƙwayar Rr tana da kwafi ɗaya mai aiki, kuma abin da yake ƙerawa ya wadatar ta fito a mulmule. Rinjaye ke nan. Ba shi da alaƙa da yawan nau'in a cikin jama'a: rukunin jini O mai ɓuya ne a gaban A da B, amma shi ya fi yawa a Najeriya.

Idan iyaye biyu AS ne, ai ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai zama SS, ko ba haka ba?

A nan lissafin wake ya shigo gidajenmu, kuma a nan aka fi yi masa gurguwar fahimta. Ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini, yana bin ƙwayar gado guda da ke kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zaruruwan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu. Ita ce ke ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini. A shi ne nau'in da aka saba, S kuma wanda ya sauya. Jadawalin ma'aurata AS da AS shi ne:

```
      A     S
A    AA    AS
S    AS    SS
```

AA kashi 25 cikin ɗari, AS kashi 50, SS kashi 25. Wannan lissafin na kowane ciki ne shi kaɗai. Ba a cewa tunda na fari ya zo SS, uku masu zuwa sun tsira. Haka nan ba a cewa tunda an haifi uku lafiya, na huɗu dole ya kamu. Kamar jefa kwabo ne: in ya faɗi a fuska ɗaya sau uku a jere, jifa na huɗu bai san da labarin ba. Ƙwai da maniyyin da za su haɗu bana ba su da masaniyar abin da ya faru shekara biyu da suka wuce.

Bari mu lissafa wa ma'aurata masu 'ya'ya huɗu. Damar ɗa guda ya tsallake SS ita ce 3/4. Damar duka huɗun su tsallake ita ce a ninka 3/4 sau huɗu:

```
3/4 × 3/4 × 3/4 × 3/4 = 81/256
```

Wato kusan kashi 32 cikin ɗari. Damar a sami SS guda ɗaya cif ita ce 108/256, kusan kashi 42. Ana samun ta ne ta haka: ɗa guda SS da sauran uku da suka tsallake ya ba da 27/256, kuma shi mai SS ɗin yana iya zama na fari, na biyu, na uku ko auta, don haka a ninka da huɗu. Damar SS biyu ita ce 54/256, kusan kashi 21. Uku 12/256 ne, huɗu duka 1/256.

Duba abin da wannan ya nuna. Abin da mutane suke ɗauka shi ne ƙa'ida, wato ɗaya cikin huɗu daidai, bai kai rabin irin waɗannan gidaje ba. Kusan gida ɗaya cikin uku ba za su ga SS ko ɗaya ba, kuma su ne ake kafa hujja da su a ce ai su wane AS da AS ne, ga 'ya'yansu nan garau. Gaskiya ne, garau suke, amma sauran 175 cikin 256, kusan kashi 68, za su sami aƙalla ɗa guda mai ciwon. In haihuwa ta kai shida, damar tsallakewar duka ta sauko kusan kashi 18.

Yayata SS ce, ni kuwa lafiyata ƙalau, iyayenmu ma haka. Mece ce damar ina ɗauke da S?

Biyu cikin uku ce, ba rabi ba. Tunda iyayenku lafiyarsu ƙalau kuma sun haifi SS, dukansu AS ne. Jadawalin yana da gidaje huɗu, amma kai ka riga ka san ba a gidan SS kake ba, sai a soke shi. Saura uku: AA ɗaya, AS biyu. Wannan tambaya tana yawan zuwa a jarrabawa da kalmomi kamar "ɗan da ba shi da ciwon", kuma wanda bai lura da sharaɗin ba yakan rubuta 1/2.

Mendel ya tabbatar da irin wannan a gonarsa. Ya shuka mulmulallun ƙwayoyi daga zuriya ta biyu, ya bar tsirrai 565 suka yi barbara da kansu. Guda 193 sun ba da mulmulallu zalla, RR ke nan. Guda 372 sun ba da gauraye, Rr ke nan. Wato kusan 1:2. A ɗan Adam ba sai an tsaya lissafi ba, gwajin jini zai raba gardama.

Sauran haɗe-haɗen fa, sai na zana kowane?

In ƙwayar gado ɗaya ce mai nau'i biyu, haɗin aure shida ne kawai ke akwai, kuma wanda ya saba yana iya yin su da ka. AA da AA duk AA. AA da SS duk AS. SS da SS duk SS. AA da AS rabi AA, rabi AS, babu SS. AS da SS rabi AS, rabi SS. AS da AS shi ne wanda muka yi. Dabarar ita ce a fara tambayar me kowane ɗaya zai iya bayarwa. Mai harafi iri ɗaya abu ɗaya yake bayarwa, don haka layukansa biyu a jadawali maimaici ne.

Mutum ɗaya AS, ɗaya AC. Jadawalin yana aiki da haruffa uku?

Yana aiki, domin kowane mutum har yanzu kwafi biyu ne gare shi. Nau'in C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma ana samun sa a Najeriya da Nijar.

```
      A     C
A    AA    AC
S    AS    SC
```

Gidaje huɗu, sakamako huɗu daban, kowane kashi 25. Abin lura shi ne SC ma ciwon sikila ne. Galibi bai kai SS tsanani ba, amma yana kawo tashin ciwo da matsalar ido da ta ƙashin ƙugu. Saboda haka wanda ya ce shi ba ya ɗauke da S, AC ne kawai, bai fita daga lissafi ba in wadda zai aura AS ce.

Tsiro dogo ne, ban sani ba ko TT ne ko Tt. Yaya zan gane?

A haɗa shi da gajere, tt. An zaɓi gajeren ne domin ba shi da abin da zai rufe komai: t kawai yake bayarwa, saboda haka siffar kowane ɗa tana tona abin da dogon ya bayar. In dogon TT ne, duk 'ya'yan Tt ne, dogaye. In Tt ne, rabi dogaye, rabi gajeru.

Hujjojin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Gajere guda ɗaya in ya fito, magana ta ƙare, uban Tt ne. Amma in duk suka fito dogaye, sai a tambayi nawa ne. Uba Tt yana iya ba da dogaye uku a jere da damar 1/8, wanda ba ƙaramin abu ba ne. In 'ya'ya goma ne duk dogaye, damar haka daga Tt ta koma 1/1024, a nan ne mutum zai iya cewa TT ne da kwanciyar hankali. Amsar jarrabawa takan tsaya a "duk dogaye, don haka TT", amma mai kiwo ko mai samar da iri ya san 'ya'ya uku ba su isa shaida ba.

In an ba ni adadin 'ya'ya aka ce in gano iyayen fa?

Fara da masu siffa mai ɓuya, su ne ba sa ɓoye komai. A ce an haɗa tsirrai biyu masu jan fure aka sami ja 61 da fari 19. Farin da ya fito daga iyaye jajaye dole shi ne mai ɓuya, kuma kowane farin tsiro ya karɓi ƙaramin harafi daga ɓangarorin biyu. To iyayen duka gauraye ne. Sai a gwada: jimilla 80, kashi uku cikin huɗu 60 ne, ɗaya cikin huɗu 20. An sami 61 da 19, ya yi daidai. Da a ce ja aka haɗa da fari aka sami 42 da 38, wannan kusan 1:1 ne, jan gauraye ne. Kada a ɓata lokaci ana neman raba 61 da 19 ya ba da uku cif.

Yaushe 3:1 yake ƙin fitowa ko da samfurin yana da yawa?

Hanya ta farko ita ce idan babu cikakken rinjaye. Carl Correns, ɗaya daga cikin waɗanda suka farfaɗo da aikin Mendel a 1900, ya ga haka a wani fure: ja da fari sun haifi ruwan hoda, kuma da aka haɗa masu ruwan hoda sai aka sami ja ɗaya, ruwan hoda biyu, fari ɗaya. Jadawalin bai sauya ba, 1:2:1 ne dai. Bambancin shi ne gauraye yana da tasa kamar, don haka ido yana ganin rukuni uku. Sikila ma ta wata fuska haka take. In ka dubi ciwo, A ya rinjayi S, tunda mai AS galibi ba ya fama da shi. In ka dubi jinin a ɗakin gwaji, himogulobin A da S duka suna nan a jikin mai AS, ba wanda ya ɓoye wani. Rinjaye ya danganta da abin da kake aunawa.

Ta biyu ita ce idan wani gida a jadawalin ba ya rayuwa. A 1905 Bafaranshe Lucien Cuénot ya lura cewa ɓeraye masu rawayar gashi in an haɗa su, ba a taɓa samun tsatson rawaya tsarkakakke. Daga baya aka tabbatar cewa rawaya biyu ake samu a kan ɗaya mai launin da aka saba, domin ɗan tayin da ya gaji kwafi biyu na rawaya yana mutuwa tun a ciki. An soke gida ɗaya, saura uku, 2:1.

Ta uku ita ce idan ƙwayar gadon tana kan kuromosom X, kamar ta makantar launin ja da kore. A nan sai an ƙirga maza daban, mata daban, domin namiji X ɗaya ne gare shi. Akwai kuma siffofi kamar tsawon mutum da launin fata waɗanda ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa a kansu tare da abinci da muhalli. Jadawali mai gida huɗu ba shi da abin cewa a kansu.

An ce miji AA ne, mata AS, amma an haifi yaro mai sikila. Lissafin ya yi ƙarya ke nan?

Jadawali yana aiki ne da haruffan da aka ba shi. In harafin kuskure ne, sakamakon ma kuskure ne. Kafin zargi ya shiga tsakanin ma'aurata, akwai abubuwan da ya kamata likita ya duba.

Na farko shi ne irin gwajin da aka yi. Gwajin da ake sa wa jini sinadari a ga ko ƙwayoyinsa za su lanƙwashe yana nuna akwai S ne kawai. Ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C ko kaɗan, don haka mai AC zai fito kamar ba shi da komai. Gwajin da ke raba nau'o'in himogulobin, kamar wanda ake yi da wutar lantarki, shi ne yake ba da haruffan. Shi ma yana iya ruɗewa in an yi wa mutum ƙarin jini a 'yan watannin baya, domin jinin wani ake karantawa tare da nasa. Ana kuma iya musanya kwalba ko a yi kuskuren rubuta sakamako, shi ya sa maimaita gwaji a wani ɗakin gwajin daban yake da amfani.

Na biyu shi ne talasimiya ta beta. Mai ɗauke da ita yana da kwafi ɗaya da ba ya ƙera himogulobin A sosai ko ba ya ƙerawa sam, amma tunda ɗaya kwafin yana aiki, gwaji na yau da kullum yakan nuna shi AA. In ya miƙa wa ɗa wannan kwafin, uwa kuma ta miƙa S, yaron zai yi ciwon sikila, kuma jininsa yana iya kama da SS a gwaji. Ana gano uban ne ta ƙanƙantar jajayen ƙwayoyin jininsa da hauhawar wani nau'in himogulobin da ake kira A2. Da zarar an sa ainihin harafin uban a gefen jadawali, damar irin wannan yaro ta zama ɗaya cikin huɗu a kowane ciki, daidai da ta AS da AS.